Saniya Mai Ƙaho a Hanci

Ni Kalilu, dillalin shanu na Zango, ban taɓa zama a aji ba ko na wuni ɗaya. Amma na ga farin da ya koro Buzaye da raƙumansu har cikin Daura. Na ga shekarar annobar bushiya, wadda ta bar ni da shanu bakwai cikin arba'in da ɗaya. Babbar mota ta taɓa kifewa da mu a hanyar Kurmi, aka fito da ni daga ƙarƙashin bijimi da karayar haƙarƙari biyu, bayan wata ɗaya na koma kasuwa. Mutumin da ya tsallake waɗannan, takarda ba ta ba shi tsoro. Abin da na gaya wa Kubura ke nan ranar da na same ta tana hawaye a kan wasu takardu.

Kubura ita ce autata. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan aka sa ta a firamare, ta ci gaba da karatu har bayan aurenta, ta shiga makarantar koyon aikin lafiyar dabbobi. Tana shekarar ƙarshe haihuwar fari ta zo mata, mijinta Harisu ya kawo ta gida wanka. Sati biyar ba ta leƙa aji ba. Ga jarrabawa ranar Litinin, mu kuwa muna Alhamis. Kwas ɗaya ne ya tsaya mata a wuya, na cututtukan shanu. In ta faɗi shi, sai ta jira shekara guda cur ta sake, 'yan ajinsu su karɓi takardarsu su bar ta.

Na same ta a tsakar gida bayan la'asar, jariri a cinya, takardu baje a tabarma. Uwarta Hadijatu tana dama mata kunun kanwa tana mita.

"Auta, mutuwa aka yi?"

"Baba, dubi abin da Lami ta aiko mini."

Lami ƙawarta ce a aji. Ta yi mata fotokofin abin da malaminsu, Malam Zailani, yake haska musu a bango da majigi. Silaid suke ce masa. Na ɗauki takarda ɗaya. Layin rubutu ɗaya a sama, hoto a ƙasa, shi ke nan. Ta biyu ma haka. Har ashirin da biyu.

"Ina karatun?" na ce.

"A bakinsa yake. Ya haska hoto ɗaya, ya yi minti goma yana magana a kai. Kuma daga abin da ya faɗa yake fitar da tambayoyi. Shi ya sa yake cewa wanda bai zo ajinsa ba, silaid ba zai cece shi ba."

"Ita Lamin ba ta rubuta abin da ya faɗa ba?"

Ta miƙo mini littafin Lami, ta ce abin da ke saman kowane hoto shi ta kwafa, sai wasu 'yan kalmomi nan da can. Wuri ɗaya ta rubuta cewa wannan yana da muhimmanci, ta ja layi biyu, ba ta rubuta ko mene ne ba. Akwai kuma wani littafin Turanci mai kauri da Harisu ya aro mata, amma ta ce kamar kasuwar Kano yake: komai akwai, sai dai ba ka san rumfar da Malam ya tsaya ba.

"A kan wace cuta ce?"

"Ciwon huhu."

Na yi dariya har jaririn ya motsa. "Ciwon huhu! Ke da kike gidan Kalilu kike kuka a kan ciwon huhu? Matsa mini. Ke karanta na sama, ni in karanta na ƙasa. Duk abin da Zailanin nan ya faɗa, zan faɗa miki, har wurin da ya tsaya ya sha ruwa."

Hadijatu ta ce, "Malam, kar ka rikita mini yarinya. Kai da ko sunanka a takarda sai an nuna maka."

"Sunana ba shi da ƙafa huɗu. Kawo min saniya ki gani."

Kubura ta share ido ta ɗauko biro biyu. Ta ce abin da ta samu a littafin Turanci za ta rubuta da shuɗi, abin da muka yi hasashe da ja, don kada gobe ta manta wanne ne wanne. Na ce da shuɗi ya kamata ta rubuta nawa. Ta ce to, amma ja na ga ta buɗe.

Hoton farko da muka tsaya a kai, ta ce an rubuta alamomi a sama. Saniya ce a tsaye.

"Me kika gani?"

"Saniya ramammiya."

"Ramammiya kawai? A nan Malam ya ce muku, ku dubi wuyanta, ta miƙa shi gaba ta sunkuyar. Ku dubi ƙafafun gaba, ta ware su don kada su taɓa ƙirji. Bayanta ya gantsare. Sannan ya ce akwai abin da hoto ba ya nunawa: in kun kora ta ta ɗan yi gudu, za ta yi tari ƙasa-ƙasa, kamar mai jin kunyar suruki. Numfashinta da nishi. Rubuta."

Ta rubuta da ja, ta buɗe littafin Turanci, ta yi ta bin layi da yatsa. Can ta ɗago.

"Baba, duk suna nan. Sai zazzaɓi da ka manta."

"Ban manta ba. Na bari ne in ga ko kina biye."

Haka muka yi Alhamis da Juma'a da Asabar, tsakanin wankanta da shayarwa da sallolina. Wani hoton mai sauƙi ne. Huhun da aka yanka, ya yi tauri da zane-zane, ya manne da haƙarƙari, ga ruwa rawaya a ƙirji, wannan na gan shi a mahauta ya fi sau ɗari. Wani kuma sai da muka haɗa kai. Akwai mai layuka jajaye da na ɗauka jijiyoyi ne, har na fara bayani, ta ce, "Baba, taswira ce." Da ta nuna mini inda Nijar take da inda muke, sai na gane burtalai ne, hanyoyin da shanu ke bi su gangaro ta Mai'adua. Na ce to a nan ya yi muku maganar yadda cutar ke tsallake iyaka ba takarda, a numfashi, a wurin shan ruwa da kasuwa. Akwai kuma hoton garke, an zagaye wata saniya mai ƙiba da jan layi. Kubura ta ce ai wannan misalin mai lafiya ce.

"Wa yake zagaye mai lafiya? Wannan ta yi ciwon ta tashi. Jikinta ya murmure, amma abin yana nan ƙunshe a huhunta. Ita ce mai shiga garken mutum ta gama da shi, shi kuwa yana yabon tozonta."

Ta duba littafin Lami. A daidai wurin ne Lami ta ja layi biyu ta ce yana da muhimmanci. Kubura ta yi tsalle a zaune, Hadijatu ta daka mata tsawa ta tuna mata ɗanyen jiki.

Ranar Asabar da hantsi muka kai takarda ta goma sha bakwai. Ta ce kalma ɗaya ce a sama: rigakafi. Hoton kan saniya ne, an ɗauka kurkusa, a karan hancinta akwai wani tsiro mai tauri kamar ɗan ƙaramin ƙaho.

"Wannan ban gane shi ba sam," in ji ta. "Babu shi a littafi. Ko wata cuta ce daban?"

Ni kuwa daɗi ya kama ni, kamar na ga tsohon aboki a tasha.

"Allah Ya yi wa Zailani albarka. Ashe ɗan gida ne. Auta, wannan rigakafin iyayenmu ne. Da hannuna na yi shi, ni da wani Arɗo a dajin Mashi, tun ba a haifi yayanki ba. In huhu ya kashe saniya, sai a yanko huhun nata, a jiƙa shi a madara ya kwana biyu ko uku. A yanka shi ƙanana. A kayar da mai lafiya, a tsaga fatar karan hancinta, a cusa ɗan guntun a ciki. Bayan kwanaki a ɗora wuta a wurin. In ya warke sai ya bar wannan ƙahon. Saniya mai wannan shaida, a da, har daraja take ƙarawa a kasuwa."

"To me Malam ya ce a kai?"

"Me zai ce? Yabo. Ya ce muku ku dubi hikimar mutanenmu, tun kafin a kawo kwalba da allura sun san rigakafi. Duba ta gaba ki gani."

Ta goma sha takwas ita ma rigakafi aka rubuta. Hoton ma'aikaci ne da allura a hannu, ga kula ta ƙanƙara a gefensa da 'yan kwalabe.

"Kin gani? Hanya biyu ya ba ku. In kula ta iso, a yi allura. In ba ta iso ba, ga ta gida. Rubuta amfaninta: ba ta son ƙanƙara, ba a jiran kowa, makiyayi yana yi da kansa."

Ta rubuta shafi guda cur da jan biro, ta haddace shi tana jijjiga ɗanta. Na tashi ina jin kaina kamar shugaban makarantar.

Lahadi kasuwar Mai'adua, kuma ko da sarki zan gana ba na fashinta. Tun da safe na hau mota. A kara ina da sa biyu na wani mutumin Matamaye da ya damƙa mini. Ɗaya fari ne, mai kyan gani daga nesa amma ƙafarsa ta baya tana ɗan ja. Ɗayan ja ne, cikakke, shi nake so in sayar a ranar. Wani mahauci ya zo daga Daura. Na yi abin da nake yi shekara hamsin: na jawo farin tukuna. Na bar shi ya zagaya shi, ya taɓa, ya gano ƙafar da kansa, ya yi tsaki. Na taya shi kushewa ma. Sannan na ce, "To, tunda kai mai ido ne, zo ka ga sa." Na kai shi wurin jan.

Yana shafa tozon jan, ni kuwa sai na tsaya da igiya a hannu, bakina a buɗe.

Babu dillalin da yake fara nuna abin da yake son a saya. Na farko na kushewa ne, don na biyu ya haska. Shi kuwa malami mai koyar da masu allura, allura yake sayarwa. Ya fara jawo mai ƙaho a hanci, sannan ya jawo mai kula. Ni da na ƙoshi da wannan dabara, an yi mini ita a takarda ban gane ba, don kawai an nuno mini aikin hannuna.

"Baba Kalilu, lafiya?" in ji mahaucin.

"Lafiya lau. Ka saya ko ba ka saya ba?"

Ban taɓa gama ciniki da sauri irin na ranar ba. Na bar farin a hannun abokin aikina, na hau babur zuwa Daura, daga can na sami motar Zango. Kafin la'asar ina gida.

Na tarar tana maimaita shafin nan da ka. Hadijatu ta dube ni ta ce, "Yau kasuwar gobara ta yi?"

Ban kula ta ba. "Auta, kawo takardun. Jera mini duk inda hoto biyu suka zo a jere da rubutu iri ɗaya a sama."

Ta jera. Wuri uku ne. Na farko, tafki mai laka da shanun garke daban-daban sun cunkushe a ciki, na bayansa kwamin siminti da garke ɗaya. Na biyu, sabuwar saniya ana sauke ta daga mota kai tsaye cikin garke, na bayansa saniya ɗaure ita kaɗai a wani shinge nesa. Na uku shi ne namu.

"A biyun nan, wanne ne mai kyau, na gaba ko na baya?"

"Na baya." Ta dubi mai ƙaho a hanci, ta dube ni. "Baba..."

"Kar ki ce komai tukuna. Wannan ma hasashe ne. Kira Lami."

"Ai na tambaye ta jiya, ta ce ba ta tuna abin da ya faɗa ba."

"Kar ki tambaye ta abin da ya faɗa. Tambaye ta abin da ya faru a ajin da hoton ya fito. Mutum yana manta karatu, ba ya manta rigima."

Ta kira, ta sa yadda duk za mu ji. Bayan gaisuwa da tambayar jariri, ta ce, "Ke Lami, ranar da Malam ya nuna saniyar nan mai abu a hanci, an yi dariya ne, ko me aka yi?"

"Wace? Au, mai ƙahon! Ke, ai ranar ce Yazid ɗan Mashi ya kusa cinye Malam. Ya miƙe yana cewa babansa haka yake yi kuma shanunsu ba su ƙare ba. Malam ya ce masa, zauna, ka je ka tambayi baban naka nawa ne fuskarsu ta kumbura. Aka yi ta dariya. Har aka tashi yana huci."

"To me ya sa ba ki rubuta ba?"

"In rubuta faɗa? Ke ma dai."

Ta kashe wayar. Ɗan makiyayi ba ya miƙewa ya yi faɗa don an yabi ubansa. Kubura ta ɗauki jan biro ta ja layi daga wannan kusurwa ta shafin da ta haddace zuwa waccan.

"Yanzu na san kushewa ya yi. Amma ban san me ya ce ba. In ya tambayi illolinsa, me zan rubuta? Littafin bai kawo shi ba, gobe kuma ƙarfe goma."

Hadijatu ta ajiye ludayi. "Malam, gaya mata na Mashi. Duka. Ni na wanke rigar da ka dawo da ita."

Na gyara zama. Ba na son wannan ɓangaren labarin, shi ya sa shekara da shekaru nake tsallake shi.

"Rubuta. Shanu talatin muka yi wa a ranar. Huɗu fuskarsu ta kumbura har ido ya rufe, kumburin ya gangara wuya. Biyu suka mutu. Ɗaya wurin ya ruɓe, ya yi tsutsa, sai yankawa aka yi."

"Me ya sa wasu suka kumbura wasu ba su yi ba?"

"Wa ya auna? Wannan a cusa mata babba, waccan ƙarami. Wani huhun mai zafi ne, wani ya huce. Kuma wuƙa ɗaya ce tun daga ta farko har ta talatin, a goge a ciyawa a ci gaba."

Tana rubutu tana magana da kanta: ba a san adadin da aka sa ba, ba a san ƙarfinsa ba, ƙazantar wuƙa, wasu ƙwayoyin cuta suna iya bin naman su shiga. Ta ce, "Huhun fa, daga ina kuka samo?"

"Daga wani garke, tafiyar rabin wuni. Mu muka je muka ɗauko, har da shanunmu biyu da muka kora muka bi da su ta mashayar garken."

Ta ɗago ta dube ni, ta ƙara layi ɗaya: kwaso cutar daga wani garke. Sannan ta buɗe littafin Turanci wurin allura, ta rubuta nasa da shuɗi: an auna, an raunana ƙwayar, a ajiye a sanyi, a ƙarƙashin fata, a maimaita duk shekara. Ta jera su gefe da gefe.

"Amma ki sani," na ce, "ashirin da bakwai sun rayu."

"Na sani, Baba. In ya tambayi amfaninsa zan rubuta. Ba na jin zai tambaya."

Litinin da sassafe Harisu ya zo da motar haya. Hadijatu ta bi su don riƙon jariri, tana faɗin ba a taɓa fitar da mai jego kafin arba'in ba sai a gidan Kalilu. Ni na zauna a ƙofar gida ina gyaran igiya. Duk wanda ya wuce ya tambaye ni, na ce masa yau muna da jarrabawa.

Gab da magariba suka dawo. Tun daga zaure na ji muryarta.

"Baba! Ta fito! Tambaya ta uku, maki goma sha biyar: kawo dalilai biyar da suka sa ba a yarda da rigakafin gargajiya na ciwon huhu ba, kamar yadda aka tattauna a aji."

"Kika kawo nawa?"

"Shida."

"Mai ƙiba da aka zagaye fa?"

"Ita ma ta fito. Amma taswirar nan mun yi kuskure. Ba burtalai kaɗai ya yi magana a kai ba, ya ba su shekarun da cutar ta ɓarke da yawan shanun da suka mutu. Wannan na bar shi fili."

"Wannan ba laifina ba ne. Lamba ba ta fitowa a hoto."

Sati shida muka jira. Ranar wata Laraba ina cin tuwo Lami ta kira, ta ce an kafe sakamako a allo. Kubura ta tsaya a bakin ɗaki, waya a kunne, ɗa a kafaɗa. Na ga ta rufe ido, ta buɗe.

"Hamsin da takwas, Baba. Na wuce."

"Cikin nawa?"

"Cikin ɗari."

"Ina sauran arba'in da biyun?"

"Suna bakin Malam Zailani."

Hadijatu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ni na ce a ƙaro mini miya, na aika a gaya wa Harisu ya zo da goro in zai zo.